Asusun ajiya na yaro: yaushe zai karɓi ragamarsa?

"Ina so in buɗe wa 'yata mai shekara 6 asusun ajiya a banki. Me zan kai, kuma yaushe kuɗin zai koma hannunta?"

Malama, ki tafi da takardar haihuwarta ta Hukumar Kidaya, da hotunanku ke da ita, da katin shaidarki, da lambar BVN ɗinki. Sunanta za a rubuta a asusun, amma ke ce mai sa hannu, wayarki kuma saƙon shigar kuɗi zai riƙa zuwa.

Inda ake samun cikas shi ne suna. In takardar haihuwa ta ce Aishatu, ke kuma kika rubuta Aisha, ranar miƙa mata asusun sai kun yi ta zarya har da rantsuwar kotu. Ki kwafe shi harafi da harafi.

A yawancin bankuna ba ta da cikakken iko a kan asusun sai ta cika shekara 18, kuma ba ya komawa hannunta haka kawai. Sai ta je reshe da kanta, ta yi BVN nata, ta kai NIN, ta sa hannu, a mayar da shi asusun manya. Daga ranar ko sisi ba ki iya cirewa, ko da kuɗin makarantarta ne kika tara, don haka ku yi maganar tun da wuri. In ba kya son kuɗin ruwa, bankunan Jaiz da TAJ ba sa mu'amala da shi.