"Farashi sai mun zauna" shi ke korar maka ciniki

Tambaya: Na bar aikin banki na koma ba 'yan kasuwa shawara kan lissafi. A takardar da nake rabawa a Kantin Kwari da Singa na jera ayyuka 12, a ƙasa na rubuta "farashi sai mun zauna", don kada in rage wa kaina idan babban alhaji ya zo. Ana ta kira, amma babu mai biya. Ina gyaran yake?

Amsa: Malam, layin nan na ƙasa shi ne ciwon. A wajen ɗan kasuwa shawara aba ce da ake samu kyauta a majalisa bayan la'asar. Da ka ɓoye farashi, ƙaramin mai shago zai ɗauka ka fi ƙarfinsa, babban kuma ya kira ka, ya tatse ka awa biyu, ya sallame ka da "Allah ya saka da alheri". Alhajin da kake jira ya biya miliyan don bai ga farashi ba, ka daina mafarkinsa. Mutumin da ke taya yadi a kan naira hamsin ba ya biyan abin da bai ga iyakarsa ba.

Soke sha biyun nan, ka bar uku. Kowanne ka faɗi abin da mutum zai riƙe a hannunsa, da kwanakin da zai ɗauka. A sama ka sa mafi tsada: kula da littattafan shago duk wata, ziyara biyu da rahoton riba da bashi, a ce daga naira 80,000 a wata, wato 960,000 a shekara. Wanda ya fara ganin wannan, na biyu zai yi masa sauƙi: ƙirga kaya, tsara littafin shiga da fita, da koya wa yaron shago, cikin mako biyu, daga naira 150,000, biya ɗaya. Na uku shi ne zaman farko, naira 20,000, ka rubuta cewa za a cire shi daga kuɗin babban aiki idan an ci gaba. Masu neman hira a nan za su tsaya.

Kada ka kwafi alƙalumana. Idan kana buƙatar 400,000 a wata, kuma kwanakin da ake biyan ka ba su wuce 12 ba, to yininka bai kamata ya gaza 35,000 ba. Daga nan za ka ƙirga.

Kalmar "daga" ita ke ba ka damar ƙari, amma sai ka ɗaure ta da iyaka. Na san wani da ya rubuta "kula da lissafin kasuwancinka" kawai. Ya yi ciniki a kan shago ɗaya, sai ga shago uku da sito a Dawanau, ana kiransa har bayan isha'i, kuɗin kuwa bai motsa ba. Da ya nemi ƙari aka ce ya cika son kuɗi, ya rasa aikin da mutuncin. Kai rubuta ƙarara: shago ɗaya, littafi ɗaya, kowane ƙarin shago ko sito da nasa kuɗin, kuma rabin kuɗi kafin a fara.