Layin da ke tsalle a kan majigi

Tambaya: Malam, mako mai zuwa zan kare bincikena na kammala digiri. Na sa wa kowane layi motsi a PowerPoint, wani ya faɗo daga sama, wani yana juyi. Da na gwada a gaban ƙawayena sai suka yi ta dariya. In cire duka ne? Ɗaliba daga Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Malama, ki cire kusan duka, ki bar shi a shafin sakamakon bincikenki kawai. Amfaninsa a wurin shi ne ya ɓoye abin da ba ki kai kansa ba tukuna. Ido ya fi baki sauri. In kika baza sakamako 4 a lokaci guda, kina bayanin na farko malamai sun riga sun karanta na huɗu, har wani ya fara shirya miki tambaya a kansa, ba ya ma jin ki.

Ki danna akwatin da layukan huɗun suke ciki, ki shiga Animations, ki zaɓi Appear, wanda ke fito da layi ba tare da wani motsi ba. Fade ma ba laifi, in kin bar shi a kan rabin daƙiƙa. A Effect Options ki ɗauki By Paragraph, sannan Start ya kasance On Click. Za ki ga ƙananan lambobi 1, 2, 3, 4 a gefen layukan. In lamba ɗaya ce ke maimaituwa a gefensu, to tare za su fito, sai ki sake saiti.

Wurin da ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne After Previous. Da shi kwamfuta ce ke jan ragama. A ce wani farfesa ya katse ki a sakamako na biyu, yadda suka saba, yana tambayar mutum nawa kika yi hira da su. Kafin ki buɗe baki na uku da na huɗu sun fito da kansu. Da On Click kuwa shafin yana nan yana jiran yatsanki.

Ni nakan ƙara abu guda: a Animation Pane, cikin Effect Options, akwai After animation. In kika zaɓi ruwan toka, layin da kika gama zai dusashe da fitowar sabo. Sai dai kada ya yi haske sosai, domin majigin aji da rana tsaka yakan haɗiye shi gaba ɗaya.

Sauyin shafi kuwa, Transitions ke nan, ki zaɓi Fade ko None, ki danna Apply To All, shi ke nan.

In aka ce ki kawo aikin a PDF, duk wannan ba zai bi shi ba. Sai ki kwafi shafin sau 4: na farko da layi ɗaya, na biyu da biyu, har na ƙarshe ya cika, kowane layi yana zaune daidai inda yake a shafin baya.