Gaisuwar mai aiki: ta gona daban, ta gini daban, ta kasuwa daban

Tambaya: Malam, a Zangon Kumasi na tashi, yanzu na dawo wajen baffana a ƙasar Bichi. "Sannu da aiki" kawai na iya, ita nake yi wa manomi da magini da ɗan kasuwa. Amma na ji dattawa suna faɗin wasu kalaman. Me ya kamata in ce wa kowannensu?

Amsa: Ƙanena, "sannu da aiki" ba ta da aibu, kuma duk inda ka je za a amsa maka da "yauwa, sannu" ko "sannu kadai". Abin da dattawan suka fi ka shi ne suna duba aikin da ke hannun mutum kafin su buɗe baki. Gaisuwarsu takan ambaci wannan aikin, sannan su bi ta da addu'ar da ta dace da shi. Nan girmamawar take, domin mai aikin ya san an ga wahalarsa.

Mu fara da gona, tunda damina ce ta fi yawan gaisuwa. A ce ka biyo hanya da hantsi, ka tarar da dattijo da 'ya'yansa a duƙe suna noman firi, wato noman farko bayan shuka ta fito. Tsaya a bakin gona, kada ka ratsa kunya ka tattake shuka. Yi sallama, ka ɗan rusuna, ka ce, "Baba, sannunku da aiki." Jam'i za ka yi ko da dattijon kake kallo, don yaran ma gumi suke yi. Zai ce, "Yauwa, sannu." Sai ka ce, "Ina gajiya?" ya ce, "Ba gajiya." Ka ce, "Yaya ruwa?" ya ce, "Ruwa ya yi gyara." Ka rufe da "Allah ya ba da damina mai albarka," su ce amin, ka wuce. Duk wannan bai kai minti guda ba, kuma ba sai ya ajiye fartanya ba. Kada ka miƙa masa hannu sai in shi ya miƙo, domin hannunsa da ƙasa, kuma babba ne ke fara miƙawa.

Ka riƙa sauraron amsar. Manomi ba ya kai ƙarar ruwan sama, ko da shukarsa ta fara yaushi. In ka ji ya ce "to, muna dai roƙon Allah" maimakon "ya yi gyara", ka san ruwa ya ɗauke, sai ka ce, "Allah ya kawo mana ruwa mai albarka." Da kaka kuma, ka tarar ana girbin gero ko ana ɗaure dammuna, addu'ar ta zama "Allah ya sa a ci lafiya" ko "Allah ya amfana". Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka tambayi dami nawa ya samu. Mutanenmu suna tsoron baki, kuma wannan tambaya takan ɓata gaisuwar gaba ɗaya.

Wajen magina maganar gajera ce. "Sannunku da aiki", ko "sannunku da rana" in ta take, ka fara da babban magini amma ka juya ka haɗa da leburan da ke kwaɓa da masu ɗaukar bulo. Su aka fi mantawa, alhali su rana ta fi duka. Addu'arsu ita ce "Allah ya tsare, Allah ya sa a gama lafiya", mai gidan kuwa ka ce masa "Allah ya sa a shiga lafiya". Wanda ke saman katanga ana jefa masa tubali yana cafewa, bari ya cafe tukuna kafin ka ɗaga murya.

Ɗan kasuwa ba a cika ce masa "sannu da aiki" ba in yana zaune a rumfa, sai dai in ka same shi yana awon hatsi ko sauke kaya. Tasa ita ce "Alhaji, yaya kasuwa?" ko "Hajiya, yaya ciniki?" Amsa "kasuwa sai godiya", ko da tun safe bai sayar da komai ba. In ba saye za ka yi ba, "Allah ya kawo kasuwa" ta ishe ka, zai gane gaisuwa ce ta kawo ka, ba zai ji haushi ba. In kuwa ka tarar yana tsakiyar ciniki ko yana ƙirga kuɗi, ɗaga masa hannu ka jira. Da zarar ya ce wa mai saye "na sallama", sai ka matso ku gaisa.