Injin kofi ya koma ɗigo, ga ɗaci

"Injina na kofi mai tacewa yanzu sai ɗigo-ɗigo yake, kofin kuma ɗaci. Ruwan burtsatse nake zuba masa. Ya lalace ne?"

Ƙalau yake. Farin ɓawon nan da kake gani a gindin butar shayi, shi ya toshe bututun da ke dafa ruwan. Ruwa ya daɗe a kan garin kofi, dole ya kwaso ɗaci.

Haɗa farin binega da ruwa rabi da rabi ka zuba a mazubin ruwan injin, idan takardar injin ba ta hana ba. Kunna shi ba kofi, in rabi ya sauka ka kashe minti 30, sannan ka ƙarasa. Ɗauraye da ruwa zalla sau uku.

Da ruwan burtsatse mai barin ɓawo, wata-wata za ka yi. In ɗacin bai tafi ba, wanke maiƙon kwandon tacewa da sabulu.