Ido da hannu yayin gabatar da baƙo a babban ɗakin taro

Tambaya: "Malam, barka da yamma. An ɗora mini gabatar da babban baƙo mai jawabi a taron ƙungiyarmu, kuma a zauren Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Dandalin Murtala a Kaduna za a yi. Ban taɓa tsayawa gaban jama'a mai yawa haka ba. Wa zan kalla, yaya zan yi da hannuwana, kuma in tsaya wuri guda ne ko in riƙa zagayawa?"

Amsa (an rubuto daga murya):

Barka kadai, ƙanena. Ka fara riƙe wannan: duk inda ka kai idonka, can jama'a za su kai nasu. Saboda haka kada ka riƙa waiwayar teburin manyan baƙi kana tsakiyar magana, domin idan ka yi ta kallon baƙon tun daga farko, mutane za su koma kallonsa, su daina sauraron abin da kake faɗa a kansa. Ka gaishe su da farko, ka ɗan rusuna kamar yadda tarbiyya ta tanada, sannan ka juyo ka ba zauren fuskarka har zuwa lokacin kiran suna.

A wuri mai girma irin wannan ba za ka iya haɗa ido da kowa ba, kuma ba a buƙatar haka. Tun kafin a fara, ka hau dandamalin ka raba zauren gida biyar a ranka: dama, tsakiya, hagu, sai can baya dama da can baya hagu. Idan ka fara magana, ka zaɓi mutum ɗaya a wani ɓangare, ka faɗa masa jimla guda cikakkiya, wato kamar daƙiƙa huɗu ko biyar, sannan ka koma wani ɓangaren. Daga nesa, duk waɗanda ke kewaye da wannan mutumin za su ɗauka su kake kallo. Mutanen baya su ne aka fi mantawa, kuma daga can surutu yake tashi. Idan ka ji hayaniya ta fara, alama ce ka daɗe kana magana da layin gaba kawai. Idan kuwa layin gaban iyaye ne da sarakuna, waɗanda kunya ba za ta bar ka ka zuba musu ido ba, ka kai dubanka layi na uku ko na huɗu.

Hannu kuma, ka riƙe makirufo da hagu, tazarar kamar yatsu huɗu daga bakinka, ka bar dama don nuni da gaisawa. Ƙaramin motsin yatsu ba ya kaiwa baya, sai motsin da ya taso daga kafaɗa, sama da teburin jawabi, wanda aka ɗan tsayar kafin a sauke. Biyu ko uku sun isa gabatarwar minti biyu. Kada ka nuna baƙo da yatsa, ka buɗe tafin hannu sama. Zagayawa kuwa ka bar wa mai jawabi, kai ka kafa ƙafa wuri guda, domin kai da kawowa yana iya kai ka gaban lasifika ta yi ƙara.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne kiran sunan kansa. Na taɓa gabatar da wani dattijo a wani zaure a nan Kaduna, makirufon yana kafe a kan tebur, da na zo sunan sai na juya kaina gare shi don girmamawa. Bakina ya bar makirufo, sunan ya faɗi a dandamali, na hango mutanen baya suna karkata ga juna suna tambayar wa aka ce, tafin ma ya zo a rarrabe. Har yau abin yana damuna, domin haƙƙinsa ne a ji sunansa.

Ga yadda za ka yi. Ka ɗaga ido daga takarda, ka dubi tsakiyar zauren can baya, ka ce, "Jama'a, ku taya ni maraba da," ka ɗan dakata, sannan ka faɗi muƙami da cikakken suna a hankali cikin makirufo. Sai ka gama furta shi za ka juya da jikinka duka, ka miƙa hannun dama, ka ja da baya taki biyu ta gefen da ba shi zai biyo ba. Ka ci gaba da kallonsa har ya iso, kada ka bar teburin babu kowa. Idan dattijo ne, ka jira shi ya fara miƙo hannu. Idan mace ce, ka ɗora hannu a ƙirji ka ɗan sunkuya. Idan basarake ne, jinjina ta wadatar. Sannan ka sauka ta bayansa, kada ka gitta tsakaninsa da jama'a.

Ka je da wuri ranar, ka tambayi ta wace matakala zai hau. Allah ya ba da sa'a.