Kamfani mai dukiya ya kasa biyan albashi, mai tulin bashi kuwa yana biya: ina bambancin?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A darasin akanta kullum ana maimaita mana likwiditi da solbensi, ni kuwa gani nake duk abu ɗaya ne, wato iya biyan bashi. Ta yaya kamfani zai samu ɗaya ya rasa ɗaya? Don Allah wanda ya sani ya warware mini da lissafi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Likwiditi maganar lokaci ce: ranar da biya ya zo, akwai tsabar kuɗi a hannu ko babu? Solbensi kuwa maganar nauyi ce: in aka ɗora duk abin da kamfani ya mallaka a sikeli ɗaya, duk bashin da ake bin sa a ɗayan, wanne zai rinjaya? Mai bin bashi ba ya karɓar gini ko injin a ranar biya, kuɗi yake karɓa, shi ya sa amsoshin biyu suke iya saɓawa.

Ɗauki wata masana'anta, lissafin duka a miliyoyi. Gini da injuna 60, kayan da ke sito 18, bashin da take bin kwastomomi 20, tsabar kuɗi a banki 2. Jimilla 100. Ana bin ta 55: bashin dogon zango 30, sai kuma 25 da za a biya cikin shekara ɗaya. Rabon masu kamfani ya zama 45. Ta fuskar nauyi wannan kamfani lafiyarsa lau, dukiyarsa ta kusa ninka bashinsa. Ko ma'aunin da aka fi koyarwa a aji, wato a raba kadarorin da za su zama kuɗi cikin shekara da bashin da za a biya cikin shekara, ya ba da 40 a kan 25, wato 1.6, kuma duk wanda ya ga wannan zai ce babu damuwa.

To amma buɗe kalandar wata mai zuwa. Albashi 3, mai kawo ɗanyen kaya 7, kason bashin banki 4, jimilla 14. Me zai shigo? Cikin 20 ɗin da ake bi, 12 na hannun babban kwastoma ɗaya, shi kuma ya ce sai bayan wata uku. Daga sauran 8 ana sa ran karɓar 5 a wannan watan. Haɗa da 2 na banki, ya zama 7. Ana buƙatar 14, akwai 7. Kamfanin da ke da rarar dukiya ta 45 zai kasa biya saboda giɓin 7.

Ka ga inda ma'aunin 1.6 ya yaudare mu. Ya zuba duk abin da zai faru cikin wata goma sha biyu a kwando ɗaya, alhali kayan sito sai an sayar, sai kuma an jira mai saye ya biya, albashi kuwa ƙarshen wata ne. In aka cire kayan sito aka sake rabawa, 22 a kan 25, ana samun 0.88, wanda ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma bai san cewa 12 sun maƙale ba. Ni a ganina babu ma'aunin da ya kai jadawalin shigar kuɗi da fitarsu mako-mako, na mako 13, wanda masu ceto kamfanoni suke fara nema. Kowane mako a rubuta abin da ya rage daga makon baya, abin da tabbas zai shigo, da abin da dole ya fita. Ana rubuta kuɗin kwastoma ne a makon da ya saba biya, ba makon da takardar yarjejeniya ta ce ba. Makon da lissafin ya faɗa ƙasa da sifili, shi ne ranar matsalar, kuma gara a gan ta da saura mako takwas da a gan ta da saura kwana biyu.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, irin wannan ƙuncin ya fi kama kamfanin da kasuwarsa ke bunƙasa. Ciniki ya ƙaru, an rubuta riba a littafi ranar da kaya suka fita, amma an riga an biya ɗanyen kaya da ma'aikata, kuɗin cinikin kuwa sai bayan kwana 60. Kowane sabon oda ƙarin kuɗi ne da aka ɗaure.

Maganin wannan kamfani yana da sauƙi matuƙar an fara da wuri: rancen ɗan lokaci na 7 ko 8 da jinginar gini, ko a sayar wa wata cibiyar kuɗi bashin 12 ɗin nan da ɗan ragi, ko a zauna da mai kawo kaya a raba 7 ɗinsa kashi uku. Mai ba da rance zai yarda, don yana ganin 45 a bayan kuɗinsa.

In aka yi sakaci fa? A nan ne hatsarin yake, kuma shi ne abin da nake so ka fi riƙewa. Darajar 100 ɗin nan darajar kamfani mai aiki ce. Da zarar mai kawo kaya ya daina bayarwa, banki ya nemi kuɗinsa gaba ɗaya saboda an saɓa sharaɗi, sai a shiga sayarwar dole. Injin da aka girka don aiki ɗaya ba shi da masu saye da yawa, kuma duk mai saye ya san a matse kake. A ce gini da injuna sun tafi a 30, kayan sito a 9, kwastomomi kuma da jin kamfani na tangal-tangal suka fara kawo uzuri, aka karɓi 14 kacal. Haɗa da 2, ya zama 55. Daidai da bashin, kafin a biya lauyoyi da haƙƙin sallamar ma'aikata. Rarar 45 ta narke, ba don an yi asara a kasuwa ba, sai don an tilasta sayarwa a mummunan lokaci.

Bankin Silicon Valley na Amurka ya nuna haka a fili a watan Maris na 2023. Ya zuba kuɗin masu ajiya a takardun lamuni na dogon zango, waɗanda darajarsu ta kasuwa ta faɗi da kuɗin ruwa ya tashi. Muddin ba a sayar ba, asarar tana kwance. Ranar 8 ga wata ya sanar da sayar da takardu na kimanin dala biliyan 21 da asarar kusan biliyan 1.8. Washegari masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42, ranar 10 kuma hukuma ta rufe shi.

Yanzu juya lamarin. Ga kamfanin kwangila da ke karɓar kuɗin kafin alƙalami. A littafi yana da tsabar kuɗi 30, kayan aiki 25, bashin da yake bi 15, sai kuma 30 na abin da akantoci ke kira gudwil, wato rarar kuɗin da ya biya sama da darajar kayan wani kamfani da ya saya. Jimilla 100. Ana bin sa 90: kuɗin kwastomomi da bai yi aikinsu ba tukuna 35, masu kawo kaya 15, rancen da wa'adinsa sai nan da shekara uku 40. Albashi ba ya latti, cakinsa ba ya dawowa, littafi ma ya nuna rarar 10.

Sai ka bi kadarorin ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin da aka saya asara yake yi shekara da shekaru, saboda haka 30 ɗin nan ba ta da abin da ta tsaya a kai. Cikin 15 da ake bi, 6 ana jayayya a kansu fiye da shekara, ba za su dawo ba. Kayan aiki in an kimanta da gaskiya 18 ne. Abin da ya rage 30 da 9 da 18, wato 57, a gaban bashin 90. Akwai rami na 33. Kuɗin da ke banki kuwa ba nasa ba ne, na kwastomomin da ke jiran aiki ne, kuma da kuɗin sabuwar kwangila yake ƙarasa tsohuwa. Yana numfashi ne kawai saboda wa'adin babban bashin bai zo ba kuma sabbin kwangiloli ba su yanke ba. Kamfanin gine-gine na Birtaniya, Carillion, ya bi kusan wannan hanya: yana jan biyan masu kawo masa kaya har kwana 120, yana ɗauke da gudwil na sama da fam biliyan 1.5, yana raba wa masu hannun jari riba har 2017. A watan Yuli na shekarar ya amince da asarar fam miliyan 845 a kwangilolinsa, ya kuma rushe a Janairun 2018 da fam miliyan 29 kacal a hannu da bashin kusan biliyan 7.

Yadda ake gane irin wannan tun da wuri shi ne a tambayi daga ina kuɗin banki suka fito. A duba rahoton shiga da fitar kuɗi, sashen ainihin aikin kamfani. In shekara uku ana bayyana riba amma aikin kansa cinye kuɗi yake, tsabar da ke ƙaruwa kuwa daga sabon rance ne, ko kuɗin gaba, ko jinkirta biyan masu kawo kaya, to aron lokaci ake yi. A kuma duba ko ribar aiki tana ɗaukar kuɗin ruwan bashi. Wanda ribarsa 3 ce kuɗin ruwansa 5, da bashi yake biyan bashi.

Ga wannan kamfani rance ba magani ba ne. Ka ba shi 10, kadara ta zama 67, bashi ya zama 100, ramin 33 yana nan, an ƙara masa kuɗin ruwa. Abin da ke cike ramin abu uku ne: masu kamfani su zuba sabon jari, masu bin bashi su yafe wani kaso ko su mayar da shi hannun jari, ko kuma aikin ya koma kawo riba ta gaske wadda za ta cike shi sannu a hankali. Kuskuren da ya fi tsada shi ne shugabanni su riƙa cewa ƙuncin ɗan lokaci ne, su ci gaba da karɓar kaya bashi alhali sun san ba za a biya ba. A dokokin ƙasashe da dama, Birtaniya na cikinsu, wannan na iya jawo a kama daraktoci da alhakin bashin daga aljihunsu.

Ƙarin hattara ɗaya, kada ka yanke hukunci da littafi kaɗai ta kowane ɓangare. Akwai manyan kamfanoni, irin su McDonald's, da littafinsu ke nuna bashi ya fi kadara saboda sun yi ta sayen hannayen jarinsu, amma kuɗin da aikinsu ke kawowa duk shekara ya ishi biyan bashin da kuɗin ruwansa. Littafi yana rubuta yawancin kadarori ne da farashin da aka saye su, saboda haka kafin ka ɗora su a sikeli sai ka sake kimanta kowacce sau biyu: nawa take in kamfani ya ci gaba da aiki, nawa kuma in dole a sayar da ita cikin wata uku.