Maƙwabci ya fara katanga a kan hanyar da nake bi shekara 17

Wani mai karatu daga bayan garin Kano ya aiko da wannan tambaya:

"Barista, a 2008 na sayi fuloti na awon igiya na gina gida. Gabana akwai wani fuloti da ba a gina ba, ta cikinsa nake shiga da mota zuwa ƙofar gidana. Tun farko na roƙi mai filin ya yi min alfarma, ya ce ba komai. Bara ya rasu, magada suka sayar, sabon mai filin ya kawo bulo ya fara kewayewa. Akwai wani lungu ta bayan gidana mai faɗin kamar ƙafa 4, amma mota ba ta shiga. An ce min duk hanyar da mutum ya bi sama da shekara 10 ta zama tasa. Zan iya rushe abin da ya gina, ko in kai shi kotu?"

Malam, mu fara da rushewar: kada ka taɓa bulo ko ɗaya. Ranar da ka sa hannu a katangar nan, magana ta tashi daga rigimar hanya ta koma ƙarar ɓarna da shiga filin mutum ba izini, kuma kai ne za ka kwana kana neman beli. Ko da a ƙarshe gaskiya taka ce, ka riga ka ɓata rawarka da tsalle.

Sai maganar shekara 10. Wanda ya gaya maka haka ya ji ƙamshin gaskiya, amma bai ga tukunyar ba. Ina jin hauzi yake nufi, wato ƙa'idar da kotunan Musulunci suke aiki da ita a mazhabar Malikiyya: mutum ya riƙe abu shekara 10 yana ikirarin nasa ne, mai abin yana nan yana kallo, ba abin da ya hana shi magana, kuma ba dangantaka a tsakaninsu, to ba a cika sauraron da'awarsa daga baya ba. Amma hauzi ba ya aiki a kan abin da aka san asalinsa aro ne. Kai kuwa da bakinka ka faɗa a wasiƙarka cewa ka roƙi alfarma aka yi maka. Wannan jimlar ita ce mafi nauyi a duk abin da ka rubuto, kuma ba a gefenka ta faɗi ba.

A ɓangaren dokar da muka gada daga Ingila ma haka abin yake. Can ana maganar shekara 20, ba 10 ba, kuma sai an yi amfani da hanyar a fili, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba kuma da izinin mai filin ba. Shekarunka 17 ne, kuma da izini ka bi. Bayan haka, tun da Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, lauyoyi suna jayayya a kan ko daɗewa kaɗai tana iya haifar da irin wannan haƙƙi. Ba zan so ka jingina ƙofar gidanka a kan maganar da masana ba su gama yarda da ita ba.

Bari in bambance maka abu biyu da mutane suke haɗawa. Akwai alfarma, akwai haƙƙin wucewa. Alfarma tsakanin mutum da mutum ce: marigayi ya ce ka bi, ka bi. Yana iya janyewa ko da yaushe, kuma bisa galibi tana ƙarewa idan ya rasu ko filin ya fita daga hannunsa. Haƙƙin wucewa kuwa, wanda malaman fiƙihu suke sawa a babin irtifaƙi, a jikin ƙasa yake, ba a jikin mutum ba. Dole a samu fili biyu a hannun mutane daban, ɗaya yana amfana, ɗaya yana ɗauke da nauyin. Idan ka sayar da gidanka, haƙƙin ya bi gidan zuwa hannun mai saye. Idan maƙwabci ya sayar, nauyin ya bi filinsa. Ko a nan ɗin ma ba a ba ka ƙasar ba. Tasa ce. Kai dai ka wuce, shi kuma kada ya tare. Ba ka da ikon ajiye mota a kai, ko jibge yashi, ko kafa rumfa.

To ko akwai wata ƙofa da ta rage maka? Mai yiwuwa, kuma ba a shekarun take ba, a ranar da aka yanka filayen take. Awon igiya yawanci gona ɗaya ce aka tsattsaga. Idan mutum ɗaya ne ya yanka fulotinka da na gabanka, tambayar da alƙali zai yi ita ce: da ya sayar maka, ta ina ya nuna maka za ka shiga? Idan takardar cinikinka ta ce "gabas hanya", kuma gabas ɗin shi ne inda ake wannan katanga, ko zanen awon ya nuna layi a wurin wanda daga baya aka haɗiye cikin fuloti, to maganarka ta canza gaba ɗaya. Ba alfarma kake nema ba, hanya aka cinye. Wannan yana faruwa sosai, domin wasu masu yanka idan sun ga kuɗi sukan sayar har da layin. Amma na ce idan. Roƙon da ka yi wa marigayi yana nuna kai kanka ka ɗauki wurin a matsayin nasa tun 2008, kuma lauyan ɗaya ɓangaren ba zai bar wannan ya wuce ba.

Na san za ka ce ai larura ce. Doka ta san hanyar larura: idan mai fili ya yanki wani sashe ya sayar, sashen kuma ba shi da mafita ko kaɗan sai ta cikin abin da ya rage a hannunsa, ana ɗauka ya ba da hanya ko da bai rubuta ba, don ba a sayar wa mutum gidan da sai ya yi fiffike zai shiga. Sai dai kotuna suna tsaurarawa a nan. Larura ake nufi, ba sauƙi ba. Kana da lungu mai ƙafa 4. Mutum yana wucewa, babur yana wucewa. Cewa mota ba ta shiga damuwa ce ta gaske, ban raina ta ba, musamman ranar da aka yi rashin lafiya cikin dare, amma da wuya ita kaɗai ta isa a ce gidanka a kulle yake. Abin da zai iya sauya lissafi shi ne idan lungun ma ba hanya ce tabbatacciya ba, wato shi ma ta filin wani ya ratsa. Ka bincika wannan da kyau kafin ka ce wa kowa komai.

A kotun Musulunci za ka iya kafa hujja da ƙa'idar ba cuta ba cutarwa. Akwai kuma hukuncin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, inda ya tilasta wa Muhammad bin Maslama ya bar Dahhak bin Khalifa ya ratsa da magudanar ruwa ta gonarsa, tun da abin ba ya cutar da shi. Hujja ce mai kyau, amma ka lura da sharaɗin: ba ya cutar da shi. Wanda ya sayi fuloti da kuɗinsa zai ce a fili cewa yanke masa hanyar mota cuta ce, kuma malamai sun yi saɓani a kan ko alƙali zai tilasta irin wannan.

Ba na jin daɗin yadda sabon maƙwabcin naka ya yi. Mutumin da ya ga sawun taya ya miƙe daga titi har ƙofar gida, ya kawo magina bai yi sallama ba, ya gaza a maƙwabtaka. Mai saye da ya ga hanya a fili ya ƙi tambaya, doka ma takan ɗauke shi kamar ya sani. Sai dai sanin nasa yana amfani ne idan akwai haƙƙin da zai sani tun farko. Rashin kirki ba ya cikin abin da ake ci a kotu.

Idan ka dage sai shari'a, abin da za a nema sananne ne: kotu ta bayyana cewa kana da haƙƙin wucewa, ta kuma ba da umarnin dakatar da ginin kafin a gama. Idan filin yana cikin yankin da gwamna ya ayyana birni, ko yana da satifiket na jiha, sashe na 39 na dokar 1978 ya kai maganar babbar kotun jiha. Umarnin dakatarwa yana son gaggawa, domin kotu ta fi saurin tsayar da abin da ba a gama ba a kan rushe wanda aka gama, kuma za a sa ka yi alkawarin biyan asararsa idan ka faɗi. Shari'ar ƙasa tana cin shekaru. Duk tsawon lokacin kuna kwana katanga ɗaya da mutumin.

Shi ya sa da ni ne kai, sulhu zan nema, kuma da ciniki a hannu. Mu ɗauka fulotinsa ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo, kuma gidanka yana bayansa. Hanyar mota mai ƙafa 10 da za ta bi gefe ɗaya tun daga titi za ta ci ƙafa 10 sau 100, wato kashi ɗaya cikin biyar na filinsa, ta bar masa faɗin ƙafa 40. Ka ga ba ƙaramin abu kake nema ba, don haka kada ka je da "don Allah" kawai. Ka je da farashi: ko ka sayi tsirin gaba ɗaya, ko ka biya shi ƙasa da haka ya bar maka haƙƙin wucewa ƙasar tana nan tasa, kai kuma ka ɗauki nauyin katangar wannan gefen. Ka kuma duba ɗaya hanyar, domin sayen ƙafa 5 ko 6 daga wanda yake gefen lungun baya zai iya fi maka araha. Mai unguwa da dattawan da suka halarci awon su ne farkon zama. Idan ya ci tura, a Kano akwai cibiyar sulhu ta babbar kotu, inda za a iya mai da abin da kuka amince ya zama hukunci.

Duk abin da aka cimma, kada a maimaita kuskuren 2008. A rubuta. A kira safiyo ya auna ya zana, a faɗi faɗi da tsawo, a faɗi ko mota da tifar yashi suna cikin masu wucewa, a faɗi wa zai gyara hanyar, da inda kwata da ruwan sama za su bi, don rigima ta biyu daga nan take tasowa. A rubuta ƙarara cewa haƙƙin na gidan ne, yana bin magada da masu saye. Idan filinsa yana da satifiket, a nemi amincewar gwamna a yi rajista a ma'aikatar ƙasa.

Kafin nan, a wannan makon, ka ɗauki hoton wurin yadda yake, ka lalubo takardar cinikinka da zanen awon, ka kai wa lauya ya karanta layin da aka rubuta iyakokin fulotinka guda huɗu. Ban ga takardar ba, kuma abin da na faɗa duka zai iya sauyawa da abin da aka rubuta a gefen da yake kallon titi.